Yadda ake ɗaure notocin taya bisa tsari da awo, don kada faifan birki ya karkace

A yawancin ƙananan motocin da muke hawa, faifan birki ba shi da wasu kusoshin kirki nasa na kansa da ke riƙe shi. Ana zura shi ne a kan hob, wato ƙarfen da yake ɗauke da kusoshin taya, a zura rim a kansa, sai notocin taya su matse ukun wuri ɗaya. Ɗan sukurun da ake gani a fuskar wasu faya-fayan, aikinsa kawai ya hana faifan motsi idan an cire taya. Saboda haka duk wanda ya ɗaure taya, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne ya zaunar da faifan birki, kuma yadda ya matse notocin nan haka faifan zai zauna. Na shafe shekaru ina wannan aiki a gareji, kuma motocin da suka zo mini da rawar sitiyari a lokacin taka birki, da yawansu matsalar ta faro ne daga ranar da aka canza musu taya. Zan yi bayanin da Toyota Corolla mai noti biyar, domin ita ce ta cika titunanmu, amma tsarin ɗaya ne ga kusan kowace ƙaramar mota, adadin awon ne kawai yake sauyawa.

Kayan da za ka tanada

Babban abin da ake bukata shi ne safana mai awo, wadda masu gareji suke kira tok, irin wadda take yin ƙara "ƙas" idan an kai ƙarfin da aka saita ta. Mai bakin rabin inci, wadda awonta ya tashi daga wajen 40 zuwa 200 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, ta wadatar da duk ƙananan motoci. Sai soket mai kusurwa shida daidai da notin motar: Toyota yawanci lamba 21 ce, Honda 19, Volkswagen 17. Soket mai kusurwa goma sha biyu yana cinye kafaɗun noti, musamman notin da ya riga ya sha wahala, don haka ka guje shi. Za ka kuma bukaci safanar taya ta yau da kullum ko doguwar sanda domin kwancewa, da jak, da abin tokare mota bayan an ɗaga ta, da waji na katako ko dutse da za a sa wa taya, da buroshin ƙarfe, da samfefa mai laushi, da busasshen tsumma, da alli.

Abu na ƙarshe kuma shi ne adadin awon motarka, wanda yake rubuce a littafin mota a sashen canza taya. Corolla da Camry 103 Nm ne. Civic da Accord 108 Nm. Golf, wadda take amfani da kusa mai kai maimakon noti, 120 Nm. Motocin da aka shigo da su daga Amurka littafinsu yana rubuta awon da ft-lb, kuma a nan ake yawan yin kuskure, domin 76 ft-lb shi ne 103 Nm, 80 ft-lb kuma shi ne 108 Nm. Safanoni da yawa suna da ma'auni biyun, ɗaya a kowane gefe, kuma wanda ya saita 103 a gefen ft-lb ya ɗaure a kusan 140 Nm bai sani ba. Ka duba gefen da kake karantawa kafin ka kulle hannun safanar.

Abin da bindiga take yi wa faifai

Bindigar ɗaure noti, ta iska ce ko ta batir, ba ta auna komai. Akwai guduma a cikinta da take dukan soket sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma ƙarfin da notin zai samu ya danganta ne da iskar da ta rage a tanki, da cajin batir, da tsawon lokacin da yaro ya riƙe kunamar. Bindiga mai bakin rabin inci tana iya ba da ninki huɗu ko biyar na abin da Corolla take bukata. Yawan ƙarfin matsala ne, amma rashin daidaito ya fi shi ɓarna. Noti na farko yana samun iskar cikakken tanki, na biyar yana samun ragowa. Idan kuma aka kai na farkon ƙarshe tun sauran huɗun suna sake, rim ɗin ya riga ya kwanta ta gefe ɗaya, ya danne hular faifan, wato tsakiyarsa da ke zama a kan hob, a wannan gefen, sauran notocin kuma sai su zo su kulle shi a karkace.

Karkatar ba wadda ido zai gani ba ce. Iyakar layi, wato lilon gefe da gefe, da aka yarda faifan gaba ya yi a irin waɗannan motoci wajen 0.05 na milimita ne, wato bai kai kaurin gashin kai ɗaya ba. A ranar da aka ɗaure tayar direba ba zai ji komai ba, shi ya sa ba wanda yake zargin mai faci. Amma tayar Corolla tana juyawa kusan sau 500 a kowace kilomita, kuma a kowane juyi wurin da ya fi tasowa a jikin faifan yana shafar fad ɗin birki, ko da ba a taka birkin ba. Kafin a yi kilomita 3,000 an shafi wuri ɗaya sau miliyan ɗaya da rabi. Wurin sai ya sirance, ko kuma garin fad ya manne masa ya yi kauri, ya danganta da irin fad ɗin. Daga nan faifan ba kauri ɗaya yake da shi a zagayensa ba, kuma idan aka taka birki, wurin mai kauri yana tura fistin baya, mai sirantaka yana sakinsa, sai feda ta riƙa bugun ƙafa, sitiyari yana rawa. Wannan shi ne abin da ake cewa faifai ya lanƙwashe. A mafi yawan lokuta ba zafi ne ya murɗe ƙarfen ba, zaman da aka yi masa ne ya sa ya cinye ba daidai ba.

Ita kanta kusar tana da iyaka. Idan aka ɗaure noti daidai, kusar tana ɗan miƙewa kamar roba, kuma ƙoƙarin da take yi na komawa shi ne yake riƙe taya. Idan aka wuce iyakarta, ta miƙe ke nan ba za ta koma ba, riƙonta ya ragu, wata rana kuma ta tsinke a rami ko a hannun mai kwancewa.

1. Tsayar da mota da sassauta notoci

Ka tsaya a wuri mai tauri wanda ba shi da gangara, ka ja birkin hannu, ka sa giya ta ɗaya ko P, sannan ka sa waji a tayar da take kusurwar da ke kallon wadda za ka cire. Idan motar ta fito daga doguwar tafiya, ka bari rim da faifai su huce har ka iya ɗora hannu a kansu, domin ɗaurin da aka yi wa ƙarfe mai zafi yana sauyawa idan ya huce. Ka sassauta kowane noti kamar rubu'in zagaye tun tayar tana ƙasa, da safanar taya ko doguwar sanda. Kada ka kwance noti da safana mai awo. Ba don haka aka yi ta ba, kuma noti ɗaya da bindiga ta ɗaure ya isa ya ɓata mata awo. A wannan mataki bindiga ba ta da laifi, kwancewa aikinta ne.

Ka lura da hannunka yayin da kake sassautawa. Idan wani noti ya taho da sauƙi, wani kuma sai da ka hau kan safana, to ɗaurin baya ba daidai yake ba, kuma ya kamata ka duba kusoshin da kyau.

2. Ɗagawa da cire taya

Ka sa jak a wurin da aka tanada a ƙarƙashin gefen mota, ka ɗaga, ka tokare. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. Idan ba ka da abin tokarewa, ka kwantar da safayar taya a ƙarƙashin gefen motar. Kafin ka zare tayar, ka ja layin alli daga kan kusa ɗaya zuwa jikin hular faifan, domin idan faifan ya fita ka mayar da shi yadda yake. Da zarar tayar ta fita, ka mayar da noti biyu da hannu su riƙe faifan a jikin hob. Wannan ƙaramin abu ne da kusan kowa yake tsallakewa. Faifan da aka bari yana lilo yakan ɗan rabu da hob, ɓarɓashin tsatsa ko yashi ya faɗa bayansa, kuma ƙwayar yashi ɗaya a can ciki tana zama layi mai ninkinta a bakin faifan, saboda bakin ya fi nisa daga tsakiya. A lokacin hunturu, da ƙura take shiga ko'ina, ko kuma idan a bakin titi ake aikin a kan rairayi, sai an ƙara kula.

3. Tsabtace fuskokin da za su haɗu

A nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Wurare uku ne: bayan rim inda yake kwanciya, fuskar hular faifai, da ɗan wuyan hob da yake shiga ramin tsakiyar rim. Ka goge su da buroshin ƙarfe har tsatsa da busasshen laka su fita, ka bi da samfefa idan akwai wurin da ya yi tudu, ka share da busasshen tsumma. Rim na alminiyom yakan yi wani farin gari a bayansa, shi ma sai ya fita. Motocin Beljiyam da suka taso daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi sukan zo da tsatsa mai kauri a wannan wuri. Idan faifan ya riga ya motsa, ko kana zargin akwai datti a bayansa, babu makawa sai an kwance kalifa, wato abin da yake riƙe da fad, an zare faifan an goge fuskar hob har ta yi haske.

Ka goge zaren kusoshin da buroshi, ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Kusar da zarenta ya kwanta, ko ta sirance a wuya kusa da gindi, ko noti yake tafiya a kanta da sauƙi sannan ya cije a tsakiya, ta miƙe, kuma canza ta ake yi. Kada ka shafa wa zaren giris ko baƙin mai. Na san da yawa suna yin haka da kyakkyawar niyya, don kada notin ya kafe, amma adadin da ke littafi na busasshen zare ne. Mafi yawan ƙarfin da kake sa wa safana yana tafiya ne wajen cin ƙarfin gogayya a zare da mazaunin noti, kaɗan ne yake zama jan kusa. Idan ka sa mai, gogayyar ta ragu, sai 103 ɗin nan ya ja kusar fiye da yadda aka tsara, alhali safanar tana gaya maka komai daidai ne. Idan rim yana yawan mannewa, ka shafa ɗan giris kaɗan a wuyan hob kawai, kada ya taɓa zare ko fuskar da rim yake kwanciya.

4. Duba cewa notin na rim ɗin ne

Mazaunin noti iri uku ne. Akwai mai tsini kamar mazurari, akwai mai zagaye kamar rabin ƙwallo, irin na rim ɗin Honda da Volkswagen na asali, akwai kuma mai faɗi da wosha, irin na rim ɗin alminiyom na Toyota. Dole mazaunin noti ya dace da ramin rim. Wanda ya sayi rim na kasuwa ya ɗaura da tsofaffin notocinsa ba tare da ya duba ba, notin zai taɓa rim a siririn layi ne kawai, kuma zai saki komai ƙarfin da aka ɗaure shi. Zaren ma ya bambanta: Toyota da Honda M12×1.5 ne, Nissan M12×1.25, kuma notin wannan yana hawa kusar wancan zagaye ɗaya ko biyu kafin ya cije. Hannu zai ji wannan cijewar ya tsaya. Bindiga ba za ta ji ba, za ta tura shi har ƙarshe ta kashe zaren.

5. Mayar da taya da ɗaurin hannu

Ka cire notoci biyun da ka riƙe faifai da su, ka ɗora tayar a hankali ba tare da ka bugi faifan ba, ka tabbata ramin tsakiya ya hau wuyan hob. Ka sa notoci biyar duka da yatsunka, kowanne ya tafi zagaye da yawa ba tare da safana ba. A kusa mai kaurin milimita 12, ana so notin ya ci kimanin zagaye 8 kafin ya kai mazauninsa, kuma idan bai kai haka ba, rim ɗin ya yi wa kusar kauri. Ka riƙa ɗan girgiza tayar kana ƙara matsawa da soket a hannu, har kowane noti ya zauna a tsakiyar raminsa, tayar kuma ta daina motsi.

6. Tsarin bi da bi

Ka ba notocin lamba daga 1 zuwa 5 kana bin zagaye kamar hannun agogo, ka rubuta da alli a jikin rim idan sabon hannu ne kai. Tsarin ɗaurewa shi ne 1, 3, 5, 2, 4, wato kullum kana tsallake ɗaya, kuma idan ka bi layin da ido za ka ga tauraro ka zana. A mota mai noti huɗu, 1, 3, 2, 4. A mai shida, irin Hilux, 1, 4, 2, 5, 3, 6. Dalilin ɗaya ne: duk notin da ka matse yana jan rim zuwa gefensa, don haka na gaba ya zama na can tsallake, ya dawo da shi. Matar da take ɗaure murfin tukunya da igiya ba ta gama gefe ɗaya kafin ta taɓa ɗayan. Idan ka bi su a jere, 1, 2, 3, kana tura karkatar ne gaba gaba har ta taru a noti na ƙarshe, inda babu sauran wurin da za ta je.

7. Zagayen farko, taya tana sama

Ka saita safana a wajen rabin awo, 50 Nm ga Corolla, ka bi tsarin tauraro sau ɗaya. Idan tayar gaba tana juyawa, wani ya taka maka birki, ko ka tare ta da gwiwa. Amfanin yin wannan a sama shi ne rim yana samun damar zama daidai a tsakiya tun nauyin mota bai hau kansa ba. Wanda ya sauke mota a kan notoci masu sako-sako, nauyin motar zai tura rim sama ya jingina da kusoshi, kuma a haka zai kulle shi.

8. Zagayen ƙarshe

Ka sauke jak har tayar ta taɓa ƙasa ta daina juyawa, amma kada ka saki nauyin motar duka. Ka saita 103 Nm, ka kulle hannun safanar. Ka riƙe ta a tsakiyar mariƙinta, ɗaya hannun yana tallafe da kan soket don kada ya karkace, ka ja a hankali da ƙarfi ɗaya ba tare da fizga ba. Da ka ji "ƙas", ka tsaya. Ƙara ɗaya ta isa. Masu ƙara danna ta sau biyu ko uku don su tabbatar, ƙarin ɗauri suke yi a kowace dannawa.

Akwai abin da nake so ka riƙe a nan fiye da komai: dole ka ga notin ya motsa kafin safanar ta yi ƙara. Safana mai awo ba ta san abin da ya wuce awonta ba. Notin da aka ɗaure a 103 da wanda aka ɗaure a 300 duk "ƙas" ɗaya za su ba ka. Na sha ganin wuraren da ake ɗaure taya da bindiga har ta ƙoshi, sannan a ɗauko safana mai awo a zagaya a gaban mai mota, tana ƙara sau biyar ba noti ɗaya da ya motsa, mai mota ya tafi yana murna. Wannan ba awo ba ne. Idan noti ya yi ƙara bai motsa ba, a sassauta duka biyar a sake daga zagayen farko.

Bayan ka gama tauraro, ka sauke motar gaba ɗaya, ka sake bin notocin sau ɗaya a jere don ka tabbata ba ka tsallake ko ɗaya ba, a wannan karon ba a bukatar su motsa. Ka mayar da safanar kan awonta mafi ƙanƙanta kafin ka ajiye ta, domin sifirin ɗin cikinta yana gajiya idan aka bar shi a matse.

9. Sake dubawa bayan tafiya

Bayan kilomita 50 zuwa 100 ka sake ɗora safanar a kan kowane noti, mota tana ƙasa kuma ta huce, ba tare da ka sassauta ba. Fenti da ragowar datti suna lotsawa, rim na alminiyom kuma yana ƙara zama, sai ɗaurin ya ragu. Idan noti ɗaya ya ɗan motsa, ba komai. Idan ya sake motsawa a dubawa ta biyu, akwai matsala a kusar ko a mazaunin.

Idan babu safana mai awo

Awon nan ba wani abu ba ne illa nauyi da tsawo. 103 Nm daidai yake da nauyin kilo 10 da rabi a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya, ko kilo 21 a rabin mita. Jarkar ruwa mai lita 20 idan ta cika, da nauyin jarkar kanta, wajen kilo 21 ce. Ka zura bututu a safanar taya, ka auna santimita 50 daga tsakiyar noti ka yi alama, ka sa sandar ta kwanta a miƙe daidai da ƙasa, ka rataya jarkar a kan alamar ka sake ta a hankali. Idan sandar ta sunkuya, ka cire soket ka mayar da ita a miƙe ka sake ratayawa, har ta ɗauki jarkar ba ta motsa ba. Idan jarkarka mai lita 25 ce, alamar ta dawo santimita 40. Sikelin rataye irin na masu awon kaya ma yana yi, muddin kana ja a gicciye da sandar. Aikin yana da jinkiri, amma ya fi zato kusa da gaskiya nesa ba kusa ba, kuma idan ka yi shi sau biyu ko uku hannunka zai san nauyin.

Wannan lissafin ne kuma yake nuna ɓarnar hawa kan safana. Mutum mai kilo 70 da ya tsaya a ƙarshen safana mai santimita 30 ya ba notin wajen 206 Nm, ninki biyu ke nan, tun bai yi tsalle ba. Idan bututu mai mita ɗaya ya zura, abin ya doshi 700. Idan taya ta fashe maka a hanya, ka ɗaure da safanar mota da ƙarfin hannu kawai, bisa tsarin tauraro, a zagaye biyu, sannan a sassauta a auna idan ka isa gari.

Ga wanda dole sai ya yi aiki da bindiga saboda yawan motoci, hanyar ita ce a fara kowane noti da hannu, a sa bindigar a mataki mafi rauni, a saki kunama da zarar notin ya taɓa rim, sannan a ƙarasa da safana mai awo. Akwai sanduna masu launi da ake sa wa a bakin bindiga su rage ƙarfinta. Suna taimakawa idan aka zaɓi wadda take ƙasa da awon motar, amma ba sa maye gurbin awon ƙarshe, domin sakamakonsu yana sauyawa da irin bindigar.

Wata Corolla da aka kawo mini

Mai motar malamin makaranta ne da yake zirga-zirga tsakanin Kano da Zariya kowane mako. Ni na sa masa sababbin faya-fayan gaba da fad, bayan kamar wata uku ya dawo ransa a ɓace, ya ce, "Malam, kayan jabu ka sa mini. Da na taka birki a kan gudu ɗari sitiyari kamar zai fita daga hannuna." Na tambaye shi ko motar tana rawa idan bai taka birki ba, ya ce a'a. Wannan tambayar ita ce ta farko kullum, domin rawar da take zuwa a kan wani gudu ba tare da birki ba ta balansin taya ce ko rim da ya bugu, wadda kuma take zuwa da taka birki ta tafi da sakinsa ta faifai ce. Idan a sitiyari ake jinta, gaba ne. Idan a kujera da feda, a duba baya.

Da na zo kwance tayar hagu, noti biyu suka taho da ƙaramar safana, biyu kuma sai da na zura bututu. Na ce, "Alhaji, wa ya taɓa tayar nan bayana?" Sai ya tuna cewa mako biyu bayan aikina ya sayi sababbin tayoyin gaba, aka ɗaura masa da bindiga. Na ɗaure faifan da notoci biyar a kan awo, na kafa agogon auna layin faifai kusa da bakinsa na juya faifan da hannu, allurar ta yi lilo fiye da ninki biyu na abin da aka yarda. Na auna kaurinsa a wurare takwas a zagaye, na samu wuri ɗaya ya fi sauran sirantaka, kuma a ido ma ana ganin wurin ya fi sheƙi. Da na zare faifan na auna hob shi kaɗai, lafiyarsa lau, boris ma ba ya wasa. Kusa ɗaya ce ta miƙe, noti yana cijewa a tsakiyarta.

Sake ɗaurewa daidai ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye, don haka sai da aka kai faya-fayan biyu wurin mai injin gyaran ƙarfe aka share fuskokinsu. Kafin a yi haka ana duba adadin da aka buga a jikin faifan bayan rubutun MIN TH, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda, kuma idan sharewar za ta kai shi ƙasa da wannan adadi, sabo ake saya. Nasa sababbi ne, suna da sauran nama. Na canza kusar, na goge hob, na mayar da faifan na auna, na zare shi na juya shi rami ɗaya na sake aunawa, har na samu zaman da allurar ta fi natsuwa, na yi masa alama da alli. Na sa sabon fad, domin tsohon ya riga ya ɗauki siffar faifan da ya lalace, na ɗaure tayoyin a 50 sannan a 103, na rubuta masa adadin a takarda ya ajiye a aljihun mota domin ranar da zai sake zuwa wurin mai taya. Ya dawo bayan tafiyar Zariya ɗaya na sake bin notocin, biyu a tayar dama suka ɗan motsa, sauran takwas ba su motsa ba.